Ku Tambayi Yaro Kafin Ku Taɓa Tarinsa

Wata yarinya ce da ta fara koyar da ƙananan yara ba da daɗewa ba ta sa na ɗauki alƙalami. Na tarar da ita ta zuba wa 'yan shekara huɗu tsakuwa da ƙwayoyin iri da ganye, ta jera kwanoni uku, ta ce su raba. Wani yaro ya ɗauki farar tsakuwa ya jefa cikin kwanon da fararen iri suke. Kafin tsakuwar ta gama gangarawa hannun malamar ya kai kanta. Na ce, “'Yata, dakata, tambaye shi tukuna.” Ta ce, “Mama, ai kuskure ya yi, kuma hoto zan ɗauka in tura wa iyayensu.” Raina ya ɓaci, amma ba da ita kaɗai ba, domin hannun nan nata na san shi. Irinsa na yi ta miƙawa shekara da shekaru.

Lokacin da nake ganiyar koyarwa, abin da na ɗauka wasan rarrabewa ke nan: dutse wurin dutse, ganye wurin ganye, iri wurin iri. Ni ke zaɓar ƙa'ida, ni ke jera kwanoni, ni ke sa samfuri ɗaya a kowane kwano don kada wani ya ɓata. Yaro ya sa daidai in tafa masa, ya sa wani wuri in ɗauke abin in mayar inda nake so ba tare da na ce masa uffan ba. Ajina tsaf yake, duk wanda ya leƙo sai ya yaba. Kuma ba zan ce babu abin da yaran suka samu ba, sun koyi daidaita abu da irinsa, wanda shi ma mataki ne. Yara sun yi mini yawa, ni kaɗai ce, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini wata hanya. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai gaskiyar da ta fi ta ciwo ita ce, da yawansu fuskata suke karantawa. Yaro zai ɗaga ganye ya riƙe a saman kwano, idonsa a kaina, in ya ga na saki fuska ya saki ganyen. Na ga haka ba sau ɗaya ba, na kira shi ladabi.

Akwai wata yarinya da har yau nake tunawa. Ta tara busasshen ganye da wasu ƙwayoyi da tsakuwa guda biyu wuri ɗaya, sauran kuma ta ture gefe. Na watsa tarin na ce ta sake, ta sake yin irinsa, na ce ba ta ji. Sai bayan an tashi, ina kwashe kayan, na lura duk abin da ta tara ruwan ƙasa ne. Launi ta bi. Ta riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga abu na farko har na ƙarshe, ta tsallake bambancin dutse da ganye, wanda aiki ne da ya fi wanda na ba ta wuya. Ni kuwa na rubuta a littafina cewa ba ta iya rarrabewa ba. Ina gaya wa kaina cewa da ta buɗe baki ta yi bayani da na gane, amma yaushe na ba ta damar buɗe bakin?

Daga baya ne na karanta aikin masana tunanin yara Jean Piaget da Bärbel Inhelder na 1959 a kan yadda yara ke rarraba abubuwa. Sun nuna cewa ƙaramin yaro, in ka ce ya haɗa masu kama da juna, sau da yawa siffa yake ginawa da su, ya jera layi ko ya yi ɗaki. Wani ya fara da launi, tsakiyar layi ya koma bin girma, saboda abin da ya ajiye yanzun nan yake kallo, ya manta da na farko. Sai a hankali, wajen shekara biyar zuwa sama, yake iya riƙe ƙa'ida ɗaya ya ƙare tarin duka da ita. Da na san wannan da ban hukunta ɗan shekara uku don ya yi mota da tsakuwata ba, da kuma na gane cewa yarinyar can ta yi gaba da sa'o'inta.

Na yi niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, ku masu koyar da ƙananan yara. Da na zauna sai na ga ba su kai haka ba.

Ku rage kayan. Tulin da kuke zubawa don hoto ya yi kyau rikita yaro yake yi. Abu 12 sun isa, kuma ku zaɓe su da gangan yadda tari ɗaya zai rabu ta hanya biyu. Misali tsakuwa 7, biyar farare biyu baƙaƙe, da iri 5, uku farare biyu baƙaƙe, duk girmansu kusan ɗaya don kada girma ya shigo ya dagula lissafi. Kada ku ajiye kwanoni tun farko, domin yawan kwano ya riga ya gaya wa yaro amsa. Ku zuba a ƙasa mai tsabta ko kan zane marar ado ku ce, “Haɗa waɗanda suka dace da juna.” Sannan ku naɗe hannu. In ya gama, ku nuna tari ɗaya ku ce, “Me ya sa waɗannan suke tare?” In bakinsa bai kai ga bayani ba, ku miƙa masa abu ɗaya da kuka ɓoye a tafin hannu ku ce, “Wannan fa, ina gidansa?” Inda ya ajiye shi zai nuna muku ko akwai ƙa'ida a kansa ko dace ne kawai.

A ce ya raba tsakuwa 7 gefe, iri 5 gefe. To, aikin gaske yanzu zai fara. Ku cakuɗa su ku ce, “Akwai wata hanyar da za a raba su?” A nan za ku ga bambancin shekaru ƙiri-ƙiri. Masu binciken tunanin yara, irin su Philip Zelazo da wasan katinsa na sauya ƙa'ida daga launi zuwa siffa, sun nuna cewa yawancin 'yan shekara uku suna maƙalewa a ƙa'idar farko ko da sun iya faɗar sabuwar da bakinsu, yayin da yawancin 'yan shekara biyar ke sauyawa ba wahala. Don haka in ɗan shekara uku ya sake raba muku tsakuwa da iri, ba taurin kai ba ne, ku bar shi, ku dawo masa wata rana da launi a matsayin wasan farko. Wanda ya iya sauyawa zai fito da farare 8 da baƙaƙe 4. Ku ƙirga tare, yana taɓa kowanne da yatsa yana ture shi gefe. Ɗazu 7 da 5 ne, yanzu 8 da 4, ba a ƙara komai ba, ba a ɗauke komai ba. Ba sai kun ce masa wannan shi ne tarawa ba. Ya dai gani da idonsa cewa 12 na iya rabuwa fiye da hanya ɗaya, kuma farar tsakuwar nan tsakuwa ce, fara ce kuma, a lokaci guda.

Na ce ku naɗe hannu, amma kada ku ɗauka na ce ku zauna kuna latsa waya yara suna watsa tsakuwa. Wannan ne ke ba ni haushi da 'yan yanzu, an ce muku a bar yaro ya gano da kansa, kun mayar da maganar lasisin hutu. Wani lokaci dole ku ba da ƙa'ida, ku tsaya a kanta. In kun ce yau launi za a bi, yaro ya sa baƙin iri cikin farare, kada ku ce komai daidai ne don kada ransa ya ɓaci. Ba daidai ba ne, kuma ya kamata ya sani. Ku ɗora baƙin kusa da fari ku ce ya duba, shi zai ɗauke da hannunsa. Na san wannan ya yi kama da abin da na hana ku a sama. Ni ma har yanzu ina kokawa da sanin ranar da za a sakar wa yaro da ranar da za a riƙe shi, abin da na tabbatar kawai shi ne tambaya ce ke fara zuwa a duka biyun.

Ganye kuma ku ajiye shi sai daga baya. Ni a da, da shi nake farawa saboda yana ko'ina, kuma shi ya fi jawo mini rigima. Tsakuwa fara ce ko baƙa in kun zaɓa da kyau, amma ganye ba ya yarda da “babba” da “ƙarami”, kullum sai an sami na tsakiya wanda yara biyu za su yi gardama a kansa, ni kuma in raba gardamar da iko. Abin da ya dace shi ne a ɗauki ganye ɗaya a ce shi ne ma'auni, kowane ganye a ɗora shi a kai, a daidaita gindinsu, wanda ya zarce ya tafi dama, wanda bai kai ba ya tafi hagu. Ko a bi abin da yatsa ke ji, mai baki sumul da mai baki kamar zarto, ɗanye da busasshe. A tsinko shi ranar da za a yi wasan, domin in ya kwana ya yanƙwane, ɗanyen jiya ba ɗanye ba ne yau.

Kada kuma ku yi gaggawar tambayar nan ta “fararen tsakuwa ne suka fi yawa ko tsakuwa duka?” Ɗan shekara huɗu zai ce farare, domin yana gwada biyar da biyu ne. Piaget ya ga yara ba sa zama daram a kan wannan sai wajen shekara bakwai ko takwas. Na taɓa matsa wa yara da ita har suka haddace amsar, na yi murna, alhali ba su fahimci komai ba.

Sauran magana ɗaya, ita kuma babu sassauci a cikinta. Yaron da bai kai shekara uku ba, ko wanda har yanzu yake kai abu baki, ba a ba shi ƙananan iri da tsakuwa, ana shaƙewa da su, ana cusa su a hanci da kunne. A ba shi manyan duwatsu masu santsi da faffaɗan ganye, babba yana zaune kusa. Idon zakara da 'ya'yan zurma kada su shiga tarin ko kusa, kyansu ne ke jan yaro kuma dafi ne mai kisa. Irin shuka da aka shafa wa magani shi ma haka. Ku wanke tsakuwar, ku ƙirga kayan kafin a fara, ku sake ƙirgawa kafin kowa ya tashi. In kun zuba 12 kuka kwashe 11, ba wanda zai fita sai an nemo ɗayan.