Abin da jan biro ya koya mini game da insha'in labari

Duk malamin Hausa da ya taɓa ba 'yan aji biyar na sakandare aikin rubuta labarin da zai ƙare da "kwaɗayi mabuɗin wahala" ya san abin da zai tarar a cikin tarin takardun. Marainiya ce a hannun kishiyar uwa, ko budurwar da ta guji saurayinta talaka ta bi wani Alhaji mai mota, daga baya aka gano ɗan yankan kai ne. In an yi sa'a boka ma zai leƙo. Yawancin waɗannan takardu suna zuwa da rubutu mai tsabta da kalmomi masu nauyi, kuma su ne suka fi saurin yaudarar mai dubawa, musamman in dare ya yi, ido ya gaji.

Shi ya sa ba na ba da maki dunƙule. Na ari rabon da abokan aikinmu na Ingilishi suke bi wajen duba insha'in jarrabawar WAEC, inda ake so ɗalibi ya rubuta kalmomi kusan 450, a auna shi da maki 50: ƙunshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10, kuma a wannan na ƙarshen kowane kuskure yana cin rabin maki. Amfanin rabon shi ne yana hana kyan abu ɗaya ya rufe munin wani. Ina karanta takarda sau biyu. Karon farko biro yana ajiye, labarin kawai nake bi. A karo na biyu ne nake farautar kurakurai. In aka haɗa su a karatu ɗaya, jan tawadar da ta cika shafi ita za ta yanke wa labarin hukunci tun ba a kai ƙarshensa ba.

Ga takardu biyu daga aji guda, a kan wancan karin maganar.

Ta farko shafi biyu ce cif, rubutu kamar an buga da inji. Ta fara da "kyakkyawar budurwa ce son kowa ƙin wanda ya rasa, doguwa, fara, mai dara-daran idanu". Aka faɗi asalin mahaifinta, da yadda ya auri mahaifiyarta, da rasuwar mahaifiyar, da muguntar kishiya. Sai da aka cinye kashi uku cikin huɗu na takardar kafin Alhajin ya tsaya da motarsa. Daga nan zuwa ɗakin da aka kulle ta, da kuɓutarta, da nadamarta, layi shida ne kacal, sannan aka manna karin maganar a ƙasa.

Ta biyu ba ta kai ta farko tsawo ba, ga goge-goge. Wata yarinya ce mahaifiyarta mai sayar da ƙosai ta aike ta markaɗen wake da asuba, ta ba ta kuɗin inji daidai. A hanya ta ga mai awara ta sauke tuyar farko, ta ciri wani abu daga kuɗin ta saya, da nufin ta roƙi mai inji ya bi ta cikon gobe, tunda ya san gidansu. Ko da ta isa, an ɗauke wuta, injinsa a kashe. Dole ta wuce gaba wajen mai injin gas, wanda kuɗinsa ya fi yawa kuma bai san ta ba. Ta tsaya da bokiti a ka, yajin awarar bai gama barin bakinta ba, rana tana ɗagawa. Da ta koma gida da waken yadda ta fita da shi, uwar ba ta dake ta ba. Ta ce mata, "Zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya zo da kwanonsa ke za ki gaya masa dalili."

A ƙunshiya na ba ta farko 4, ta biyu 8. Ba don ta biyu ta kawo jigon da ba a taɓa ji ba, ai yaron da ya ci kuɗin aike tsohon zance ne. Abin da nake nema in an ce labari na ɗalibi ne na kansa shi ne bayanin da sai wanda ya tsaya a wurin zai iya kawowa. Cewa injin gas ya fi na lantarki tsada, cewa mai injin unguwa yana ɗaga wa 'ya'yan maƙwabta ƙafa amma na nesa ba ya yi, cewa horon uwar ya fi duka ciwo, duk waɗannan ba a kwaso su daga fim. Ita kuwa ta farko, za ka iya cire budurwar ka sa wata, ka canja garin, babu abin da zai girgiza. Kuma kwaɗayin da aka ce a nuna bai samu fili ba, wahalar kishiya ce ta mamaye takardar, alhali ba ita aka tambaya ba.

Akwai alamomin da suke nuna an haddace labari ko an kwafo shi. Babbar cikinsu ita ce wurin da murya take sauyawa. Za ka ga sakin layi uku babu kuskure ko ɗaya, kalmomi irin na littattafan soyayya, sai kwatsam a inda aka zo haɗa labarin da tambayar, rubutu ya koma na ɗan aji biyar, da "yace" da "tace" a haɗe. Wata alamar ita ce jimla guda ta bayyana a takardu huɗu. Amma zato ba hujja ba ne, kuma akwai yaran da karatu ya ratsa su har salon littafi ya zama nasu. Saboda haka a aji ba na rubuta "kin kwafa". Nakan kira ɗaliba in ce, "'Yata, ɗakin nan da aka kulle ta, ƙofarsa ta ƙarfe ce ko ta katako? Ta ina haske yake shiga?" Wadda ta ƙirƙiri ɗakin a ranta za ta amsa nan take, har ta ƙara da abin da ban tambaya ba. Wadda ta aro sai ta ce, "Malam, ban sa wannan ba."

Tsari kuwa ya fi sauƙin aunawa fiye da yadda ake zato. Ina ja layi a gefen takarda daidai inda matsala ta fara. In layin ya faɗo a cikin kashi ɗaya bisa huɗu na farko, ɗalibi ya san inda labarinsa yake. A takardar markaɗe, an ciri kuɗin tun a sakin layi na biyu, kuma kowane abu da ya biyo baya wancan ne ya haife shi. A ta marainiya layin ya faɗo can ƙasan shafi na biyu. Na ba ta markaɗe 8, ta marainiya 4. Sakin layi ma a nan yake shiga: a sauya shi in lokaci ko wuri ko mai magana ya sauya.

Inda aikin ya fi wuya shi ne maki 20 na sarrafa harshe, don a nan ne son ran malami yake samun ƙofa. Cutar da ta fi yawa ita ce "sai". Sai ta tashi, sai ta ɗauki bokiti, sai ta fita, sai ta ga mai awara, sai ta saya. Haka muke ba da labari da baki kuma ba laifi, murya da hannu suna ɗauke nauyin. A takarda kuwa komai yana zama da daraja ɗaya, ɗaukar bokiti da cin amanar uwa sun yi kunnen doki. Mai takardar markaɗe tana da wannan ciwon, na kewaye "sai" goma sha ɗaya a sakin layi guda. Abin da na nuna mata shi ne Hausa tana da hanyoyin dunƙule ƙananan ayyuka a ƙarƙashin babba: "Tana fita da bokitin a ka, ƙanshin awara ya tare ta." Ko "Tun kafin ta kai kwana ta ji shiru, babu ƙarar inji." Sannan a bar gajeriyar jimla ta tsaya ita kaɗai a inda abu ya faru: "Ashe an ɗauke wuta." Ba tsawon jimla nake ba maki ba. Ina duba ko doguwar da gajeriyar kowacce ta zo inda ake bukatarta.

Sai riƙon lokaci da riƙon mai ba da labari. Labarin da ya ɗauko da "suka tafi, suka tarar" bai kamata ya zame zuwa "sun tafi, sun tarar" a tsakiya ba tare da dalili ba. Haka wanda ya fara da "wata yarinya" ya wayi gari yana cewa "na ji tsoro". Wannan na biyun yakan ba ni dariya, don yana tona cewa labarin na mai rubutun ne, amma duk da haka yana cin maki. Karin magana da kalmomin amsa-kama irin su "tsit" da "wuf" suna ƙara armashi in sun zo ɗaya ko biyu a gurbinsu. Mai marainiya ta zuba karin magana biyar, uku daga ciki ba su da alaƙa da abin da ke faruwa. Jimlolinta sun fi santsi, amma yawancinsu sifofi ne da aka saba ji. Na ba ta 11, na ba mai markaɗe 12, saboda maganar uwar nan kaɗai ta nuna kunnen da ya san yadda mutane suke magana. A bakin taurarin labari ina barin karin harshe, Basakkwace ya ce "munka" ko "mi", ba na ja masa layi. A bakin mai ba da labari ne nake neman daidaitacciyar Hausa.

A ƙa'idojin rubutu lissafi ne kawai. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, raba "ya ce" da "za ta" da "shi ne", haɗa "yana" da "gidansu", babban baƙi a farkon suna, alamar zance, da rubutun waya irin su "xan" da "sbd" da suka fara kutsowa cikin takardun jarrabawa. Mai marainiya ta yi kuskure huɗu, ta tashi da 8. Mai markaɗe ta yi goma sha shida, ta tashi da 2. Jimilla 27 da 30.

Tazarar maki uku ce kawai, amma aikin da na ba su ya bambanta. Mai markaɗe na ce ta sake kwafe labarinta ba tare da ta canja komai a cikinsa ba, ta gyara rabon kalmomi, ta rage "sai" zuwa uku a kowane sakin layi. Wannan gyara ne na mako biyu ko uku. Mai marainiya kuwa na ce ta jefar da shafi ɗaya da rabi na farko, ta fara daga lokacin da motar ta tsaya, ta rubuta mini kalmomi 300 a kan abin da ya faru tsakanin buɗe ƙofar motar da rufe ta, kuma kada kalmar "kyakkyawa" ta fito ko sau ɗaya.