Inda na ajiye hotunan gidanmu na shekara arba'in

Hotunan gidanmu, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, sun kasu gida biyu. Akwai na takarda da aka ɗauka tun daga shekarun 1980, waɗanda gara da danshin damina suka fara ci, akwai kuma na waya da bidiyon bukukuwa da suka taru daga baya. Da na kai na takardar Kano aka bi da su ta sikana, kowanne ya fito kusan megabait 3, duka 1,200 ɗin ba su kai gigabait 4 ba. Na waya da bidiyo kuwa sun haura gigabait 60, kuma wannan bambancin ne ya yanke mini shawara.

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Tsofaffin hotunan sun shiga har da rara, su ne na ɗora, na zaɓi Original quality domin kada a rage musu kyau. Bidiyon kuwa sai an sayi ƙarin wuri ana biya duk wata, kuma ranar da aka daina biya, asusun ya cika, ba a ƙara ɗora komai, saƙon Gmail ma ya daina shigowa. Ga kuɗin data, ga sabis ɗin ƙauyenmu da yake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, dole sai da na je cikin gari kafin na kammala ɗorawa.

Abin da ya fi damuna da ajiyar intanet shi ne hanyar komawa cikin asusun. Idan layin wayar da aka yi rajista da shi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya sayar wa wani, Google kuma yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Saboda haka na rubuta kalmar sirrin na damƙa wa Yaya, tunda hotunan iyayenmu mata ba abin da za a bar wa kowa ba ne.

Dukkan hotuna da bidiyon kuma na kwafe su a faifan ajiya na waje mai terabait 1. Sau ɗaya ake sayensa, ba ya buƙatar data, amma a cikinsa akwai faranti mai juyawa, faɗuwa ɗaya yana cikin aiki tana iya kashe shi, zafin bazara ma ba ya yi masa daɗi. Idan ya fara ƙas-ƙas, ko kwamfuta ta fara daɗewa kafin ta gan shi, a kwashe abin da ke ciki a ranar. Na sayi na biyu na aika gidan ƙanwata a Haɗeja, domin gobara ba za ta ci gida biyu lokaci guda ba. Duk bayan Sallah nakan haɗa su, in ƙara sababbin hotuna, in buɗe wasu tsofaffi in tabbatar suna nan.