Yadda muka raɗa wa cibiyarmu suna Waya da Zare

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran waya a Kano ba ni da allo a ƙofar shago. Sunana ma ba kowa ya sani ba, “mai gyara na lungu” ake cewa, kuma aiki bai taɓa yankewa ba. Maigidana da na koya a wurinsa a titin Beirut shi ma haka yake. Wata shida na yi a gabansa bai bar ni na taɓa dalma ba, sai kwance sukurori da jera su a kan farar takarda yadda suka fito, don kada dogo ya shiga ramin gajere ya huda fanel. Ran da ya miƙo mini mita ya ce in nemo inda wuta ke zurarewa a wata waya da ta faɗa ruwa, ran nan na san na fara zama mutum. Shi a ganinsa hannu ne sunan mai sana'a.

Amma da muka haɗu mu uku a 2022 za mu buɗe wurin koyar da matasa, sai hannu ya kasa wadatarwa. Ni ina da gyaran waya, ƙanwata tana da kekunan ɗinki shida, wani ɗan unguwarmu kuma yana koyar da rubuta manhaja. Uba ba zai miƙa ɗansa ga “mai gyara na lungu” ba. Yana son ya ga suna a kan rasit, ya kuma gan shi a kan takardar da yaron zai fita da ita.

Sunan farko da muka so shi ne Matasan Ƙasa. Mun yi kwana biyu muna jin daɗinsa, har mai rubutun allo ya zana mana samfuri. Malamin manhaja ne ya ɓata mana. Ya buga shi a waya yadda zai fito a adireshin intanet, sai ga `matasankasa`. Ƙugiyar ƙ ta faɗi, domin yawancin mutane ba su da ita a madannin wayarsu, sunayen shafukan sada zumunta ma ba sa karɓarta. Ƙasa ta koma kasa. Ƙanwata ta karanta ta ce, “Yaya, wato wurin da matasa ke zuwa su kasa?” Nan muka binne shi. Daga ranar muka sa wa kanmu doka: ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, ba kuma alamar nan da ke cikin kalmar sana'a, don ita ma adireshi ba ya ɗaukarta. Dokar ta yi mana ɓarna, domin ɗinki da ƙwarewa da sana'a duk sun fita a lokaci guda, alhali su ne kalmomin da suka fara zuwa bakin kowa.

Sai muka koma Turanci, kamar yadda kowa ke yi. A nan hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta koya mana darasi. Lokacin da muka nema, sunaye biyu ake shigarwa, na farko da na ko-ta-kwana, wanda aka amince da shi a riƙe maka kwana 60 ka kammala rajista. Na farkonmu yana ɗauke da kalmar `National`. Ashe dokar kamfanoni ta 2020 ta ware irin waɗannan kalmomi, su `Federal`, `National`, `State`, `Government`, ba a sa su sai da izinin hukumar, don kada a ɗauka wurin gwamnati ne. Na biyun kuma an ce ya yi kama da wani da aka riga aka yi wa rajista. Ban yi mamaki ba. Ka zaga kasuwar waya ta Farm Centre ka karanta alluna, kalmomi biyar ko shida ne kowa ke jujjuyawa, har mai kawo waya ya rasa wane shago ya bar tasa jiya.

Sunan da ya zauna daga bakin wata ɗaliba ya fito, ba daga namu ba. Mahaifiyarta ta kira ta tana tambayar inda take, ta ce, “Ina wurin zare da wayar nan.” Muka kalli juna. Zare na masu ɗinki ne. Waya kuwa a Hausa abu biyu ce, wadda ake kira da ita da kuma siririn ƙarfen da wuta ke bi. Malamin manhaja ya ɗan ɓata rai, wai nasa fannin bai fito ba. Na ce masa duk shafin da yaransa suka rubuta da HTML, a kan waya ake buɗe shi, ba a kan dutse ba. Ban yarda suna sai ya lissafa duk abin da ake koyarwa ba. Gobe in muka ƙara gyaran sola fa, sai mu sake allo? Lissafin darussa aikin layi na biyu ne, da ƙananan haruffa.

Saura gwaji. Kamar yadda ba na miƙa wa mutum waya sai na gwada caji da sifika da makirfo a gabansa, haka na yi wa sunan Zare da Waya. Na kira mutum goma, na faɗa sau ɗaya, na ce su turo mini a rubuce. Tara suka rubuta daidai. Na goman, wani direban adaidaita, ya rubuto “zare waya”, ya bi da dariya: “Malam, makarantar 'yan sane kuka buɗe?” A garin da ƙwacen waya ya dami kowa, wannan ba abin wasa ba ne. Da “da” ɗin tsakiya ta zame a baki, zare ya tashi daga abin ɗinki ya koma zarewa daga aljihu. Sai muka juya shi: Waya da Zare. A rubuce `wayadazare`, harafi goma, ba ƙugiya ko ɗaya.

Abin da har yanzu ke ci mini rai ya zo bayan shekara guda. Wani yaro da ya yi wata huɗu a wurinmu, ko ciro ayisi, wato ɗan ƙaramin ɓangaren lantarki da ke manne a kan fanel, da iska mai zafi bai iya ba sai ya ƙona na kusa da shi, ya buɗe shago da sunanmu, ya liƙa kalma ɗaya a ƙarshe, launin allon ma iri ɗaya. Wata baiwar Allah ta zo mini da faɗa, wai mun sa mata sikirin na bogi. Na buɗe wayar a gabanta. Gam ya malalo har kan kyamara, sukurori biyu babu, rasit kuma ba namu ba. Namu yaran ba sa rufe waya sai sun nuna wa mai ita tsohon kayan da suka cire.

A nan na gane rajistar CAC daban, rajistar tambarin kasuwanci daban. Ta biyun a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci take, a Abuja, kuma aji-aji ake yinta: koyarwa aji na 41, gyara na 37, ɗinki na 40. Kowane aji da kuɗinsa, sai muka fara da na 41, tunda koyarwa ce uwar aikin. Yaron kuwa ban kai shi ko'ina ba. Wurin kawunsa na je da goro bayan la'asar, sati bai cika ba aka sauke allon. Matar nan na canza mata sikirin a kuɗin kaya kawai, yanzu ɗanta na biyu yana bencina, yana wata na uku a kan jera sukurori.