Kafin ka ja layi a kan jimlar ɗalibi

Wani matashi da ke karatun digiri na biyu a sashenmu ya karɓi daftarin kundin wata ɗaliba ta ajin ƙarshe domin ya taimaka mata wajen rage tsawonsa, kuma na tarar da shi yana ta jan layi da jan biro cikin irin karsashin da na san shi sarai, domin ni ma na taɓa yinsa. Jimlar da yake kai a lokacin ita ce wannan: “Bisa la'akari da sakamakon da aka samu a cikin wannan bincike da aka gudanar, ana iya lura da cewa a bayyane yake akwai alamun da ke nuna cewa an sami raguwa a yawan tsirowar irin alkama na nau'in da aka gwada, daga kashi 80 cikin ɗari zuwa kashi 60 cikin ɗari, a lokacin da aka yi amfani da ruwan gishiri mai ƙarfin milimola 100 a kowace lita, idan aka kwatanta da ruwa zalla, kamar yadda aka ƙirga a rana ta bakwai a zafin digiri 25.” Shi kuma abin da ya rubuta a gefen takardar a madadinta shi ne: “Gishiri yana rage tsirowar alkama da kashi 20 cikin ɗari.” Ya ɗago kai ya ce mini, “Malam, ka ga yanzu ta fita tsaf.” Ta fita tsaf ɗin, amma abin da ta faɗa ba shi ne abin da yarinyar ta gano a ɗakin gwaji ba.

Ban iya yi masa faɗa yadda na so ba, saboda na san abin da na aikata a shekarun farkon koyarwata. An ba ni ɗalibi in duba aikinsa, yaro mai ƙwazo a ɗakin gwaji amma mai nauyin alƙalami, wanda ba ya iya faɗin magana sai ya kewaye ta sau uku. Ya gwada juriyar nau'i biyu na iri ga gishiri, faranti uku ga kowane nau'i, kuma matsakaicin tsirowar ɗayan ya ɗara na ɗayan, sai dai gwajin ƙididdiga ya ba shi p = 0.09, wato bai sauko ƙasa da iyakar 0.05 da aka saba amfani da ita wajen yanke hukuncin cewa bambanci ya tabbata ba. A cikin tsakurensa ya rubuta wata doguwar jimla mai cewa, da yawan maimaicin da aka yi a wannan gwaji, bambancin da aka gani bai kai matsayin da ƙididdiga za ta tabbatar da shi ba. Ni kuwa ina fama da ƙa'idar da ta kayyade yawan kalmomin tsakure, sai na soke ta gaba ɗaya na rubuta masa: “Babu bambanci tsakanin nau'o'in biyu.” Ya ɗan yi jim, ya ce, “Malam, ai akwai ɗan bambanci a jadawalin,” na ce masa ya daina tsoron faɗin abin da ya gano.

Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya buɗe jadawalin, ya ɗora yatsa a kan lambobin biyu, ya tambayi yaron yadda aka yi faranti uku kacal suka ba shi ikon cewa nau'o'in nan daidai suke. Ya bayyana masa, a gabana, cewa rashin samun hujjar bambanci daban yake da samun hujjar rashin bambanci, domin idan maimaici ya yi kaɗan kuma lambobin suna da warwatsuwa, bambanci na gaske zai iya kasancewa amma gwajin ya kasa kamo shi. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Douglas Altman da Martin Bland sun yi ɗan gajeren gargaɗi a kanta a mujallar likitanci ta Birtaniya a 1995, kuma ana koyar da ita a darussan ƙididdiga. Yaron bai ce ni na rubuta jimlar ba, ni ma ban buɗe baki na ce ni ne ba, kuma wannan shirun ya fi gyaran da na yi ci mini rai har yau.

Duk da haka, ba zan yarda cewa laifina ne kacokan ba. Daftarin nan ya cancanci yanka, kuma duk wanda ya taɓa karanta shafi bayan shafi na “ya kamata a lura da cewa” da “kamar yadda aka ambata a baya” ya san cewa haƙuri yana ƙarewa. Yawancin abin da na soke a kundin ya cancanci sokewa, kuma kundin ya fi karantuwa bayan na gama da shi. Kuma da yaron ya tsaya a kan bakansa ya nuna mini lambar p, da wataƙila na farga. Amma wannan uzuri ne mai rauni, domin ɗalibi ba ya musu da mai sa masa hannu, kuma lambar tana nan a shafin da ban tsaya na duba ba. Gaskiyar ita ce na gyara jimlar da kunne, ina sauraren daɗinta, alhali ya kamata in gyara ta jadawalin yana buɗe a gabana.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, kalmomin da ke tsawaita jimlar kimiyya iri biyu ne, kuma ga mai gaggawa kamanninsu ɗaya. Akwai na ciko, waɗanda ba su ɗauke da komai, akwai kuma waɗanda ke shata iyakar da'awar: a kan me aka yi gwajin, a wane yanayi, da me aka kwatanta, nawa ne girman tasirin, kuma yaya ƙarfin tabbacin yake. Mai gyaran da ke ƙirga kalmomi yana share su tare, kamar mai noman da ya ga ciyawa ta yi yawa sai ya haɗa da shuka ya nome.

Mu koma kan jimlar yarinyar. Duk abin da ke gaban “an sami raguwa” ciko ne: mai karatu ya riga ya san cewa sakamakon bincike yake karantawa, kuma ba a cewa abu a bayyane yake sannan a ce alamunsa ake gani. Wannan ya tafi ba tare da asarar komai ba. Amma dubi abin da matashin ya haɗa da shi. Ya cire “nau'in da aka gwada”, sai maganar ta hau kan alkama dukkanta, alhali nau'o'i sun bambanta wajen jure gishiri. Ya cire ƙarfin ruwan gishirin, alhali tasirin ya dogara da yawansa, kuma abin da milimola 100 ya yi ba shi ne abin da 50 ko 200 zai yi ba. Ya mayar da “an sami” zuwa “yana ragewa”, wato abin da ya faru a gwaji ɗaya ya zama doka ta kullum. Ya cire rana ta bakwai, kuma wannan ce ta fi muni, domin gishiri yana wahalar da iri wajen shan ruwa, don haka sau da yawa jinkirta tsiro yake yi. Irin da bai fito ba a rana ta bakwai yana iya fitowa daga baya, kuma ƙirgen da ba a faɗi ranarsa ba ba ya bambanta jinkiri da mutuwar iri. Sannan ga lissafin kansa: daga 80 zuwa 60 ragin maki 20 ne, amma idan aka ce an ragu da kashi kaza cikin ɗari, mai karatu zai auna shi da tushen, kuma 20 cikin 80 kashi 25 ne cikin ɗari. Da jimla ɗaya ya yi kuskure biyar.

Abin da muka rubuta tare a ƙarshe shi ne: “A nau'in da aka gwada, kashi 60 cikin ɗari na irin ne ya tsiro zuwa rana ta bakwai a ruwan gishiri mai milimola 100 a lita, yayin da kashi 80 ya tsiro a ruwa zalla.” Ba ta kai rabin ta asali ba. Zafin digiri 25 ba a jefar da shi ba, an mayar da shi babin hanyoyin bincike, bayan mun tabbatar cewa duk farantan a zafi ɗaya aka ajiye su. Da a ce zafin yana cikin abubuwan da aka sauya, da dole ya zauna a jimlar.

Na yi niyyar jero muku ƙa'idoji masu yawa, amma da na zauna sai na ga kaɗan ne suka tsaya da ƙafafunsu. Kada ku taɓa jimlar sakamako sai kun ga jadawalin da ta fito daga ciki. Na san cewa yawancinku a waya kuke karanta daftari, kuna gyara sakin layi ba ku ma san a wane shafi lambobin suke ba, kuma kuna so a gama kundi a dare ɗaya. Wannan ba gyara ba ne, kuma na gaji da ganinsa. Bayan kun yanke, ku ajiye tsohuwar jimlar da sabuwar gefe da gefe, ku tambayi kanku ko akwai wani sakamakon da zai gaskata ɗaya ya ƙaryata ɗayar. Idan akwai, to ma'ana kuka canza. Jimlar matashin nan za ta zama ƙarya idan wani nau'in alkama ya jure gishirin, ta yarinyar kuwa za ta ci gaba da zama gaskiya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba magana ɗaya suke yi ba.

Game da kalmomin taka-tsantsan irin su “wataƙila” da “mai yiwuwa”, ina cewa ku bar su, kuma ina cewa ku yanke su, kuma na san yadda hakan yake a kunne. Inda ɗalibi ya auna abu da hannunsa, kamar kashi 60 ɗin nan, babu wurin “wataƙila”, ku cire ta ko da ya yi kuka. Inda yake bayanin dalilin da bai gwada ba, misali cewa gubar sodiyam da ke cikin gishirin ce ta hana tsiron ba ƙarancin shan ruwa ba, a nan kalma ɗaya ta taka-tsantsan wajibi ce, amma ɗaya tak, ba uku a jere ba. Taƙaitawa ba ta hana wannan. Maƙalar da James Watson da Francis Crick suka fitar a 1953 kan tsarin DNA shafi ɗaya ce da ɗan ɗoriya, amma sun sami wurin da suka ce a ɗauki tsarin a matsayin wanda ba a tabbatar ba har sai an gwada shi da sakamako mafi daidaito. Haka nan kada “yana da alaƙa da” ya koma “yana haddasa” don kawai ya fi gajarta, sai fa idan gwaji ne da aka sarrafa abin da ake zargi aka kuma kwatanta da wanda ba a taɓa ba.

Kuma kada ku rubuta wa ɗalibi jimlarsa, ko da yake ga shi yanzun nan na nuna muku wadda muka sake rubutawa. Ku ja layi a ƙarƙashin cikon, ku sa shi ya faɗa muku da baki abin da ya gano cikin numfashi ɗaya, sannan ya rubuta da kansa, domin shi ne zai tsaya gaban masu jarrabawa. Idan kun sauya masa kalma a jimlar sakamako ya yi jim, ku dakata ku tambaye shi abin da ya gani a jadawalin kafin ku wuce shafi na gaba.