Naira ɗarin da ke zuwa kafin babbar sata

Sana'ata POS ce. Ina da rumfuna a Birnin Kebbi da yaran da ke zama a cikinsu, kuma ban da cire kuɗi da turawa, aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne karanta wa mutane alat. Mutum zai miƙo waya ya ce, "Malam, duba mini, banki sun sake cire mini wani abu." Sau da yawa cajin banki ne, amma wani lokaci ɓarawo ne ke gwada katinsa.

Masu wannan sata ba sa buƙatar katin a hannunsu. Lambar da ke jikinsa, da watan da zai daina aiki, da lambobi uku na baya da ake kira CVV sun ishe su yin sayayya a shafukan intanet da ba sa neman lambar sirri. Sukan sayi lambobin kati da yawa a dunƙule, wasu matattu wasu masu rai, to sai su tantance su da ƙaramar sayayya. Katin da ya biya naira ɗari yana da rai, kuma idan mai shi bai motsa ba, sun gane ba ya lura. Kamar mai taɓa ƙofa ne da dare ya ji ko an sa sakata.

Shi ya sa nake koya wa yarana su haddace cajin banki na gaskiya. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar ta 2020, kuɗin tura kuɗi naira 10 ne, ko 25, ko 50, gwargwadon abin da aka tura. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari sai su zama 10.75 da 26.88 da 53.75. Irin waɗannan suna zuwa da sunansu, kuma suna bin wani abu da mutum ya yi. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne alat mai ɗauke da WEB ko PURCHASE tare da sunan wani shago da mai katin bai taɓa ji ba.

Wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aliero ya zo cire kuɗin mota, ya nuna mini wayarsa yana mita. An cire naira 100 wajen ƙarfe biyu na dare, da asuba aka mayar. Washegari aka cire dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai, har da kwabbai. Shi abin da ya kwantar masa da hankali shi ne an mayar da ɗarin farko. Ni kuma nan ne gabana ya faɗi, domin wasu shafuka sukan riƙe kuɗi kaɗan su ga ko kati na aiki, sannan su sake shi. Na biyun kuwa, rashin cikar adadinsa ya yi kama da dala ɗaya da aka juya zuwa naira. Na ce, "Alhaji, ka sa katinka a wata manhaja kwanan nan, ta bashi ko ta sayayya? Ko yaro a gida ya sa?" Wannan tambaya dole ce, don manhajojin gaskiya ma sukan cire kaɗan ranar da aka haɗa kati. Ya ce shi ko intanet bai iya ba. Kuma a satin ne yake jiran kuɗin lodin da ya tura kudu.

Ya ce bari ya canza lambar sirri. Na ce ba za ta yi magani ba, tunda da ma ba da ita suke sayayyar ba. Katin ne za a kashe. Muka kira lambar wayar banki da ke bayan katin aka rufe shi nan take, ya je reshe ya karɓi sabo mai sabuwar lamba, ya kuma rubuta ƙorafi kan cirewar biyu. Wanda bankinsa bai warware masa ba bayan sati biyu yana iya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Na kuma ja kunnensa cewa in saƙon OTP, wato lambar da banki ke turowa don tabbatar da biya, ya shigo bai nema ba, ko wani ya kira ya ce daga banki yake zai mayar masa da kuɗinsa, kada ya karanta masa ko lamba ɗaya.

Wannan dabara ta lura da ƙaramin alat tana da iyaka. Wasu ɓarayin tsakanin gwaji da babbar cira mintuna ne kawai, kuma a ƙauyukan da sabis ke wahala alat kan makara. Saboda haka nake shawartar 'yan kasuwa su ajiye jarinsu a asusun da ba shi da kati, su riƙa zuba na kashewa a mai katin.

Mu ma masu POS akwai namu nauyin, don hoto biyu na gaba da baya sun isa a sace kati. A rumfunana yaro ba ya juya katin kowa, kuma ba ya riƙe wayarsa lokacin da kati ke kan tebur. Mai kati ne ke sa shi a na'ura da hannunsa, ya danna lambarsa, ya zare abinsa.