Dalilin da ke sa mayonis ya tsinke

Ƙaramin kamfanina da ke Sakkwato yana haɗa mayonis ne domin masu sayar da shawarma da gidajen abinci, kuma ɗaliban kimiyyar abinci da ke zuwa mana koyon aiki sukan iso da tunanin cewa duk mayonis ɗin da ya tsinke ya rasa wani sinadari ne da za a barbaɗa masa. A mafi yawan lokuta matsalar tana cikin awo da yadda aka zuba mai.

Mayonis haɗi ne na mai da ruwa wanda ake kira imalshan, inda ake farfasa mai ya zama ƙananan ɗigo masu faɗin mikiromita kaɗan, wato kashi kaɗan cikin dubu na milimita, kowanne yana kewaye da ruwa. A kwaɓin kilo 10 mukan sa mai kilo 7.5, gwaiduwar ƙwai giram 800, ruwan kal giram 800, ruwa giram 600, sai gishiri da sukari giram 150 kowanne. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, wannan kilo 7.5 ya ɗara lita 8, wato kusan kashi 77 cikin 100 na girman kwaɓin. Ƙwallaye masu girma ɗaya ba sa iya cike fiye da kashi 74 cikin 100 na wuri, saboda haka ɗigon man suna matse da juna har suna lanƙwashewa, kuma wannan matsi shi ne kaurin da ake gani a cokali. Abin da ya hana su haɗewa shi ne siririn rufi na lesitin da furotin ɗin gwaiduwa, waɗanda ɓangarensu ɗaya ke kama mai, ɗayan kuma ruwa.

Idan ma'aikaci ya yi gaggawa ya kwarara mai tun farko, lokacin da ruwan da ke cikin kwano ɗan kaɗan ne, sabon man ba ya samun rufi kafin ya gamu da ɗan'uwansa, sai ɗigo su haɗe su girma. Ana gane haka tun kafin a kashe inji: kwaɓin da ya fara kauri sai ya saki, farinsa ya koma rawaya mai maiƙo, mai ya fito a gefen kwano. Gwajin da nake nuna wa ɗalibai shi ne a ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwa a motsa. Mai kyau yakan bazu ya mai da ruwan fari, wanda ya tsinke kuwa yakan taso sama a dunƙule. Gyaransa shi ne a kaɗa sabuwar gwaiduwa da ɗan ruwa a wani kwano, sannan a riƙa zuba tsinkakken a hankali kamar shi ne man.

Mutane sukan ɗora laifi a kan zafin garinmu, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Gaskiya ne zafi yana tsinka mai, yana kuma saurin haɗe ɗigo, shi ya sa muke kwaɓi da asuba da kayan da aka sanyaya zuwa digiri 15 ko 20. Amma a nawa gani firiza ta fi rana ɓarna. Saboda rashin tabbas na wutar lantarki, mai shago yakan jefa roba a firiza tare da lemo, sai ruwan ciki ya zama ƙanƙara ya ƙara matse ɗigon, man kuma ya daskare ya fitar da tsinin da ke huda rufin gwaiduwa. Muddin yana daskare ba a ganin komai, amma da zarar ya narke sai mai ya kwanta a sama. Man gyaɗa, duk da ɗanɗanonsa, yana fara daskarewa ko a firij, don haka muke amfani da tataccen man waken soya.

Game da sinadaran daidaitawa irin su zantan da sarrafaffen sitaci, aikinsu daban ne da na gwaiduwa. Zantan ba ya lulluɓe ɗigon mai, ruwan da ke tsakaninsu yake kaurara domin su rage motsi. Mukan buƙace shi ne idan mai saye ya nemi mai araha aka rage mai zuwa rabin kwaɓi, domin a nan ɗigon ba su matse ba kuma kaurin ya tafi. Giram 20 zuwa 30 ya isa kilo 10, kuma sai an fara dama shi a ɗan mai, in ba haka ba ya yi gudaji. Idan ya yi yawa mayonis yakan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma duk yawansa ba zai mai da ɗigon da suka riga suka haɗe ba. Ruwan kal kuma ba a rage shi don neman kauri, domin shi ke riƙe pH, wato ma'aunin tsami, ƙasa da 4.1, wanda ke hana ƙwayar salmonela da ke iya zuwa da ɗanyen ƙwai yaɗuwa a cikin roba.