Abin da aikin duba takardar kuɗin makaranta ya koya mini

Shekarun da na yi ina aiki a ofishin kuɗi na makaranta sun nuna mini cewa yawancin iyaye, idan aka miƙa musu takardar bayanin kuɗin 'ya'yansu, layin ƙarshe kawai suke dubawa, wato inda aka rubuta abin da ake bin su. Ba na ganin laifinsu, domin wannan adadin ne zai fita daga aljihunsu. Sai dai layin ƙarshe ba ya bayyana yadda aka kai gare shi, kuma a takardar da ta haɗa biyan kashi-kashi da rangwamen 'yan'uwa da tarar jinkiri, kuskure yakan faru ne tun daga sama, a wajen jera lissafin, sannan ya gangaro ƙasa yana ƙaruwa. Saboda haka duk lokacin da zan duba irin wannan takarda, nakan rufe layin ƙarshe da hannu, in ɗauko rubutacciyar ƙa'idar makarantar da rasit na kowane biya, in sake gina lissafin da kaina tun daga farko.

Zan yi bayani da misalin gida mai yara biyu, da adadi masu sauƙin lissafi. Kuɗin karatun babban a zango guda 130,000 ne, na ƙaramin kuma 100,000, kuma kowannensu yana da ƙarin 20,000 na littattafai da jarrabawa da makamantansu. Ƙa'idar makarantar ta ce ana yi wa yaro na biyu rangwamen kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin karatu kaɗai, ana biya sau uku, rabi a biyan farko, kashi 30 cikin ɗari a na biyu, sauran a na uku, kuma duk abin da ya wuce wa'adi ba a biya ba ana ɗora masa tarar kashi 5 cikin ɗari.

Rangwamen nake fara dubawa, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune. A wannan misali rangwamen ƙaramin 10,000 ne, wanda ya mayar da abin da ake binsa 110,000, na babban kuma 150,000, jimillar gidan 260,000. Idan na ga an rubuta 12,000, na san an haɗa da kuɗin littattafai wajen cire rangwamen, idan kuma na ga 13,000, an ɗora shi a kan babban ne. Duka biyun suna yi wa uba daɗi, amma ranar da mai binciken kuɗi ya gano su za a dawo masa da bambancin a matsayin bashi, sau da yawa a lokacin da bai shirya ba, don haka ba na barin su su wuce. Akwai kuma batun wanda ake ɗauka ɗan'uwa, ko waɗanda suka haɗa iyaye ne kawai ko duk waɗanda mutum ɗaya yake biya wa kuɗi, da abin da ke faruwa idan babban ya kammala ko ya bar makarantar. Wannan rubutacciyar ƙa'ida ce take yanke shi, ba tausayin akawu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da ake cire rangwamen, domin a nan ne takarda za ta iya fitar da jimilla daidai amma duk da haka ta jawo wa mutum tara. Idan aka cire rangwamen kafin a raba kuɗin, biyan ƙaramin zai zama 55,000, sai 33,000, sai 22,000. Idan kuwa aka raba cikakken 120,000 tukuna, aka ajiye rangwamen sai biyan ƙarshe, zai zama 60,000, sai 36,000, sai 14,000. Duk hanyar da aka bi 110,000 za a samu, amma uban da ya yi lissafinsa ta hanya ta farko ya kawo 55,000, alhali ofis yana bin ta biyu, za a rubuta masa giɓin 5,000 da tarar 250, shi kuma ya rantse bai yi jinkiri ba, kuma gaskiya ya faɗa gwargwadon saninsa. Makaranta tana da damar zaɓar kowace daga cikin hanyoyin biyu, amma a ganina wajibi ne ta rubuta wadda ta zaɓa, ta kuma buga adadin kowane biya da ranarsa a jikin takardar, domin ba adalci ba ne a ci mutum tara a kan abin da ba a bayyana masa ba.

Mu ɗauka cewa hanya ta farko ake bi. Biyan farko na babban 75,000 ne, na ƙaramin 55,000, jimilla 130,000. Uba ya tura wannan kuɗi gaba ɗaya ta banki kafin wa'adi ya cika, amma lambar babban kaɗai ya rubuta a wajen bayani, domin a wurinsa gida ɗaya ne kuma aljihu ɗaya. A ofis kuwa kowane ɗalibi yana da shafinsa, kuma wanda yake shigar da kuɗi lambar da ya gani yake bi. Sai aka zuba dukkan 130,000 a shafin babban, ya zama ya biya fiye da abin da ake binsa a lokacin da 55,000, shafin ƙaramin kuma ya zauna babu komai har wa'adi ya wuce, aka ɗora masa tarar 2,750. Takardar babban ta nuna saura 20,000, ta ƙaramin ta nuna 112,750, alhali abin da ya rage wa gidan a gaskiya 130,000 ne cif.

Irin wannan na gani fiye da kowane kuskure, kuma alamarsa a bayyane take ga wanda ya ajiye takardun yaran gefe da gefe: rarar da ke shafin ɗaya daidai take da giɓin da ke shafin ɗayan. Na tuna wani dattijo da ya zo da takardun biyu a naɗe cikin aljihu, ya shimfiɗa su a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan layin tarar ya ce, “Malam, ni dai na biya a kan kari, ga shaidar banki, wannan kuma daga ina?” Na ce masa, “Baba, kuɗinka ya shigo a kan lokaci, shafi ɗaya aka zuba shi.” Tun daga irin waɗannan zaman na daina duba takardar yaro ɗaya ita kaɗai idan na san yana da ɗan'uwa a makarantar.

Gyaran ma yana da nasa haɗari, kuma a nan ne na ga ƙaramin kuskure yana haifar da wani. Akawu ya amsa cewa an yi kuskure, ya mayar da 55,000 zuwa shafin ƙaramin, amma ya sa ranar da ya yi gyaran maimakon ranar da kuɗin ya shiga banki, don haka tarar ta ci gaba da zama a wurinta. Manhajojin lissafi da dama an tsara su ne su fara biyan tsohon bashi kafin sabo, saboda haka da uban ya kawo 33,000 na biya na biyu, aka fara cire 2,750 na tarar, 30,250 kawai aka lissafa a biyan. Biya na biyu ya zama da giɓin 2,750, wa'adinsa ya wuce, aka sake ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan giɓin, wato 137.50. Mutumin da bai taɓa jinkirin kwana ɗaya ba ya wayi gari ana binsa 2,887.50 na tara. Duk lokacin da na ga irin wannan ƙaramin adadi mai ɗigo a takardar da sauran lambobinta suke ƙarewa da sifiri, nakan tsaya a kansa, domin galibi tara ce da aka ɗora a kan wata tara.

Hanyar da nake bi wajen bin sawun kowace tara ita ce in juya lissafin baya in gano kuɗin da aka ɗora ta a kai. Tun da kashi 5 cikin ɗari ɗaya ne bisa ashirin, nakan ninka tarar sau 20. Tarar 2,750 tana ba da 55,000, wato biyan farko na ƙaramin, ta 137.50 kuma tana ba da 2,750, wato tarar farko. Da zan ga tarar 5,500, ninkawar za ta ba ni 110,000, in gane cewa an ɗora ta a kan kuɗin zangon gaba ɗaya, har da biya na biyu da na uku waɗanda lokacinsu bai ma yi ba. Wasu makarantu ƙa'idarsu ke nan, cewa jinkirin biya ɗaya yana sa dukkan kuɗin ya zama na biya nan take, wasu ma suna soke rangwamen 'yan'uwa idan an yi jinkiri, amma sai na ga hakan a rubuce kafin in yarda da shi. Wannan ninkawa tana aiki ne idan tarar ta kaso ce. Idan makaranta tana ɗora tsayayyen adadi a kowane mako ko wata, sai dai a ƙirga makonnin ko watannin daga ranar wa'adi.

Ranaku kuma iri biyu ne a kowane biya, ranar da kuɗi ya shiga asusun makaranta da ranar da akawu ya shigar da shi a shafin ɗalibi, kuma tsakaninsu akan sami kwanaki, musamman idan ƙarshen mako ko hutu ya ratsa. Takardar makaranta sau da yawa ta biyun take nunawa, alhali ta farkon ce ya kamata a auna jinkiri da ita, sai dai in ƙa'ida ta faɗi wani abu daban. Shi ya sa nake neman shaidar banki, ba rasit ɗin ofis kaɗai ba.

Idan an tabbatar da kuskuren, ba na yarda a goge layi ko a sauya adadin ƙarshe da hannu, ko da uban ya gamsu da hakan. Sai a bar layukan da aka yi kuskure yadda suke, a ƙara sababbi a ƙarƙashinsu: a soke 55,000 ɗin da aka mayar shafin ƙaramin da ranar gyara, a sake shigar da shi da ainihin ranar da ya shiga banki, a soke tarar 2,750 da ta 137.50 kowace a layinta tare da dalilinta, sannan wanda yake da ikon amincewa ya sa hannu. Bayan haka a buga takardun yaran biyu a rana guda, a haɗa saurarsu a gwada da lissafin gidan. A misalinmu, idan an riga an biya na farko da na biyu na yaran duka, abin da zai rage shi ne 30,000 a shafin babban da 22,000 a shafin ƙaramin, jimilla 52,000, kuma sai na ga waɗannan adadi a kan takardun nake miƙa su ga uban.